An yi min aiki sau biyu, likita ya ce in huta, maigida ya ce haramun ne

Shugabar zaure: Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar'uwarmu ce daga Tudun Wada ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. Don Allah a ba ta shawara cikin mutunci. Wanda ya zagi mijinta ko surukarta zan goge maganarsa.

"Shekarata 26, aurenmu shekara biyar, yara uku. Na farko da kaina na haife shi. Na biyu hawan jini ya taso min a wata na takwas har na fara jijjiga, aka yi min aiki. Yarinyar tana wata shida na samu wani cikin, ban ma ga jini ba tun bayan na biƙi. Wannan na ukun ma aiki aka yi, aka ƙara min jini leda biyu, kuma likitar da ta yi aikin ta same ni a gado ta ce ɗinkin farko ya yi siriri sosai, kada in kuskura in sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu. Yanzu jaririn watansa huɗu da sati biyu. Da na yi wa Abban yara maganar sai ya ce shi ba zai shiga ƙayyade iyali ba, haramun ne, malaminsu ya karanta musu. Gida ɗaya muke da Hajiyarsa, ita ta haifi goma sha ɗaya, ta ce ko sau ɗaya ba a tsaga ta ba. Su Mama kuma a Unguwar Rimi sun ce in je a sa min ashanar hana ɗaukar ciki a hannu in yi shiru da bakina, Baba ma ya ce idan ya kama zai kira shi da kansa. Ni ba na son in ci amanarsa, kuma wallahi ina tsoron mutuwa in bar yaran nan. Ya zan yi?"

Maman Walid: 'Yar'uwa bi maganar mahaifiyarki. Ranar da za ki kai yaro rigakafi ki shiga ɗakin tazara, minti goma an gama. Idan kika mutu kafin a yi arba'in an fara yi masa zancen wata. Ni haka na yi, shekara biyu ke nan, har yau bai sani ba.

Ɗan Rigasa: Subhanallah. A zauren Musulmi ake koya wa mace ha'intar mijinta? Allah ya ce kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci, mu ne muke azurta su da ku. Manzon Allah (SAW) ya ce ku auri mai soyayya mai haihuwa, zai yi alfahari da yawanmu. Waɗannan magungunan daga ina suke zuwa, kuma me ya sa su ake bayarwa kusan kyauta alhali maganin ciwon suga sai ka saya? Mun manta yaran da aka yi gwajin maganin sanƙarau a kansu a Kano a 1996? Mijinta yana da gaskiya.

Sista Mairo: Ni ungozoma ce, shekara goma sha bakwai ina ɗakin haihuwa a nan Kaduna. Kafin a shiga halal da haram bari in faɗi abin da ke jikin baiwar Allah nan, domin wanda zai yi fatawa ma sai ya san shi.

Mahaifar da aka yanka aka ɗinke tana bukatar lokaci kafin wurin ya yi ƙwari. Ita tsakanin aikinta na farko da na biyu wata 15 ne kacal. Abin da muke gudu shi ne ciki ya tsufa ɗinkin ya buɗe, mahaifa ta fashe. Idan hakan ta faru a gida da dare, jini a cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a zane, sai dai a ga mace tana gumi, idonta ya yi fari, cikin ya yi tauri, motsin yaro ya tsaya. Daga Tudun Wada zuwa asibitin Dantsoho ba nisa, amma kafin a samo mota, a samo jini, a tara masu aiki, sau da yawa yaron ya tafi, uwar kuma wani lokaci sai an cire mahaifar gaba ɗaya kafin a tsayar da jinin. Wato wanda yake gudun hutun shekara biyu yana iya rasa haihuwarta har abada. Ga kuma hawan jini, wanda ya taɓa kai ta ga jijjiga yana iya dawowa a wani cikin.

Mai tambaya, ki amsa min abu uku. Jininki na al'ada ya dawo? Nono zalla kike ba yaron ko kin fara ba shi ruwa da koko? Nawa aka ce miki awon jininki na ƙarshe?

Mai tambaya (ta hannun shugaba): Sista jini bai dawo ba. Nono nake ba shi, amma Hajiya tana ba shi ruwa da rana saboda zafi, kuma ta fara ɗura masa kamu. Satin da ya wuce an auna ni 150 bisa 95, ina shan magani.

Sista Mairo: To ki sani shayarwa ba ta tsare ki yanzu. Tana hana ciki ne idan abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, sauran ba su isa ba. Kuma ƙwai yana iya fita kafin mace ta ga jinin farko, shi ya sa wancan karon kika yi kwanika ba ki ga komai ba. Maganar nan ba ta watanni ba ce, ta wannan satin ce.

Ummu Hanan: Allah sarki. Akwai wata mata a Kawo tana haɗa maganin gyaran mahaifa, ƙanwata shekara shida ba haihuwa, tana sha wata uku ta samu. In kina so in turo miki.

Shugabar zaure: Ummu Hanan sake karantawa, ba haihuwa take nema ba, hutu take nema. Kuma ba a talla a nan.

Malam Abu Hafsa: Ɗan Rigasa, ayar da ka kawo gaskiya ce, hadisin ma yana cikin Abu Dawud da Nasa'i, kuma tsoron da kake da shi game da abin da ya faru a Kano ba wanda zai ce ba shi da tushe. Amma ayar tana magana ne a kan kashe ɗan da ya samu. A nan babu ɗa tukuna, babu ciki. Abin da ya yi kama da mas'alarmu a zamanin Annabi (SAW) shi ne azalu, mutum ya zubar a waje. Jabir ɗan Abdullahi ya ce mun kasance muna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, a wata ruwayar Muslim ya ƙara da cewa labari ya kai ga Annabi bai hana mu ba.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin ina zaton shi malamin mijinta ya karanta musu. A cikin Muslim akwai hadisin Judama 'yar Wahbu inda aka tambayi Annabi game da azalu ya ce wannan shi ne binne rai na ɓoye. Ibn Hazm ya riƙe shi ya ce azalu haramun ne. Mafi yawan malamai kuma suka haɗa hadisan biyu, suka ce iyakarsa karhanci idan babu dalili. To mijinta bai ƙirƙiri maganarsa daga iska ba, kada a ɗauke shi jahili.

Abin da nake so a lura da shi: a 1988 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a kan wannan mas'ala, ta raba ta kashi-kashi. Hukuma ta kafa doka ta iyakance wa mutane yawan 'ya'ya, bai halatta ba. A kashe haihuwar namiji ko mace gaba ɗaya, irin juya mahaifa, haramun ne sai da larura. Amma jinkirta ciki na wani lokaci don bukatar da shari'a ta yarda da ita ya halatta, da sharaɗin miji da mata sun yi shawara sun yarda, babu cutarwa, hanyar halal ce, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Da Hausa, ƙayyadewa daban, tazara daban. 'Yar'uwa, wace kalma kika faɗa masa, kuma a wane hali?

Mai tambaya: Malam gaskiya ƙayyade iyali na ce, don ita na saba ji a rediyo. Kuma ranar ya dawo daga kasuwar Panteka ba ciniki, muna lissafin kuɗin makarantar babban da bashin da aka ci na aikin, sai na ce ai gara mu ƙayyade iyali haka nan, rayuwa ta yi tsada. Ya ajiye cokali ya ce ashe ni ce nake ciyar da su. Tun ranar in na ɗauko zancen sai ya tashi ya fita.

Malam Abu Hafsa: To kin ga inda aka samu matsala. Ba ki ce masa ɗinkina zai fashe ba. Kin ce masa kuɗi ba za su isa ba, a daren da ya dawo hannu rabbana. Kunnensa ya ji abu biyu: matata tana ganin na gaza, kuma tana kira na zuwa ga abin da ayar tsoron talauci ta hana. Da wannan siffar ya kai wa malaminsa tambaya, in ma ya kai, malami kuma yana amsa abin da aka tambaye shi ne. Ni kaina in mutum ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce matata ta ce mu daina haihuwa saboda tsadar rayuwa, amsar da zan ba shi dabam take da ta wanda ya zo min da takardar asibiti.

Baban Ikram: Bari in yi magana a matsayin namiji da ya taɓa zama a inda mijin nan yake. Matata ta yi ɓari biyu a jere bayan haihuwa ta huɗu. Ta yi min maganar hutu na ƙi. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, a'a, abin da ke raina shi ne maganar ta fito daga gidansu. Yayarta ce ta fara kira na a waya tana min faɗa kamar yaronta. Daga ranar na ɗaure, ko gaskiya ce ba zan karɓa daga bakinsu ba. Don haka maganar Babanki zai kira shi, ki roƙe shi ya dakata. Mutum yana jin nauyin surukinsa, zai ce to Baba, to Baba, ya dawo gida ya huce a kanki, kuma Hajiyarsa za ta ce an kai ƙarar ɗanta.

Abin da ya juya ni, ranar da na kai ta asibiti da kaina saboda jiri, likita ya ce in shigo. Ya ja fatar idonta ƙasa ya nuna min, fari fat kamar takarda. Ya juya tafin hannunta ya ajiye kusa da nawa. Ya ce Alhaji ka ga bambanci? Bai yi min wa'azi ba, bai ce 'ya'yana sun yi yawa ba. Ya ce wata 6 aƙalla bayan ɓari, kuma ita saboda ƙarancin jini yana son ta fi haka. A mota muna dawowa ta Kawo ban iya cewa komai ba, kunya ta ishe ni. Ki yi duk dabarar da za ki yi ya raka ki awon jinin nan, ya ji da kunnensa.

Maman Walid: Baban Ikram kai Allah ya sa kana da kunnen ji. Nawa ko ƙofar asibiti ba ya zuwa, haihuwa huɗu ƙanwarsa ce take kai ni. Ku maza kuna magana kamar kowane miji ana iya zama da shi a fahimci juna.

Hajiya Iya Badarawa: Ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta min. Ina da surukai mata huɗu. Ku daina ganin uwar miji kamar abokiyar gaba. Mu a zamaninmu tazarar muna yi, suna ne ba mu ba ta ba. Mace ta haihu ta tafi wankan gida, ta dawo tana goyo, miji ba ya matsa mata sai ta kusa yaye, shekara biyu har da ɗoriya. Wadda ta yi kwanika har waƙa ake mata a gidan suna, a ce ta shayar da yaro nonon ciki. Ita Hajiyar da ta haifi goma sha ɗaya, ki tambaye ta cikin ladabi shekara nawa ne tsakanin 'ya'yanta. Na rantse za ki tarar biyu da rabi ne ko uku. Kuma ki tambaye ta nawa suka rayu.

Ranar da kika ga ranta fari, ki shiga ɗakinta ki rufe ƙofa, ki ɗaga riga ki nuna mata wurin ɗinkin. Ki ce Hajiya ni 'yarki ce, ga abin da likita ta ce, ina jin tsoro. Kada ki ambaci allura ko ashana, wannan tsakaninki da mijinki ne. Mace ce, ta san zafin naƙuda.

Anti Bilki Malali: Hajiya Iya Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ki ba. Ba kowace suruka ce irinki ba. Tawa da na nuna mata rauni, washegari duk dangi sun ji cewa na gaji da haihuwa, aka fara yi masa tayin 'yar ƙanwarta. Mai tambaya ita ta san halin tata. In mai riƙe sirri ce, to. In ba haka ba, a gama da miji tukuna, shi ya san yadda zai yi da mahaifiyarsa.

Maman Dauda Sabon Tasha: Ni Kirista ce, ina fata ba laifi in sa baki. Ba ku kaɗai ke da wannan ba. Maigidana ɗan Katolika ne, ni a Baftis na tashi. Cocinsu, kamar yadda wasiƙar Fafaroma ta 1968 ta jaddada, ba ta yarda da ƙwaya ko allura ko roba ba, sai lissafin kwanaki da ƙauracewa. A cocinmu kuwa ba a hana ma'aurata ba. Mun yi shekara muna jayayya a kan wane ne mai gaskiya, ba mu kai ko'ina ba. Da muka bar wannan muka koma kan yaushe muke son ɗa na gaba, sai muka tarar a nan bakinmu ɗaya, hanya ce kawai ta raba mu. Muka bi lissafi, daga rana ta 8 zuwa ta 19 muna haƙuri. Ya yi mana shekara uku. Ko za ta gwada wannan tunda ba magani a ciki?

Sista Mairo: Maman Dauda sannu, kuma dabararki ta fara daidaitawa a kan lokaci kafin hanya ta yi kyau ƙwarai. Amma lissafin ba zai yi mata ba yanzu. Yana aiki ne ga macen da al'adarta ke zagayowa daidai tsakanin kwana 26 zuwa 32. Ita ko jinin ba ta fara gani ba, daga ina za ta fara ƙirga?

Ga yadda nake ganin nata. Ƙwayar da ake sha kullum mai sinadari biyu ba tata ba ce, saboda hawan jini da kuma shayarwa. Allurar wata uku za a iya duba ta in jinin bai haura 160 bisa 100 ba, amma ku sani bayan an daina takan ja watanni kafin ciki ya samu, wata ma har kusan shekara daga allurar ƙarshe. Wannan jinkirin ne yake sa a ce allura tana kashe mahaifa. Ba ta kashewa, amma mijin da dama yana zargi, in ya ga wata takwas shiru zai ce ga abin da na faɗa. Ashanar hannu, mai sanda ɗaya shekara 3, mai biyu shekara 5, ba ta hana nono, kuma ranar da aka cire haihuwa na dawowa ba jira. Ba dole sai ta cika shekarunta ba, ana iya cirewa a shekara biyu cif. Robar mahaifa mai jan ƙarfe babu sinadarin jiki a cikinta, ba ruwanta da hawan jini, sai dai takan ƙara yawan jinin al'ada, ga wadda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan sai an duba ƙarfin jininta tukuna.

Maman Walid, ba na zarginki, na ga matan da ba su da wata mafita, kuma mu ba ma tona asirin kowa. Amma ashana ba ta ɓuya yadda ake zato. Tana ƙarƙashin fata a cikin dantse, in an shafa ana jin ta kamar tsinke. Kuma ita da allura duk suna rikita al'ada, ko ɗigo-ɗigo na kwanaki ko ta ɗauke gaba ɗaya. Na taɓa cire wa wata da mijinta ya tsaya a bakin ƙofa, sati uku da sawa, daga nan gidansu ta wuce. Ta rasa kariyar, ta rasa yardar.

Ɗan Rigasa: To kun ji da bakin ma'aikaciyar. Abin da zai sa mace ta yi ta zubar jini ta kasa salla, ya za a ce babu cutarwa? Malam ba ka ce sharaɗi babu cutarwa ba?

Malam Abu Hafsa: Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce mata suka fi kawo wa matata a Islamiyya. Ba ta barin salla saboda wannan ɗigon har abada. A Ahalari da muka karanta tun muna yara, mai al'ada in jini ya zarce mata tana ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, muddin ba ta wuce 15 ba. Bayan haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi, mijinta ma ya halatta gare ta. In yana yankewa yana dawowa, sai ta tattara kwanakin jinin ta ƙirga, duk ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi salla. Damuwa ce, ban musa ba. Amma a ɗora ta a sikeli ɗaya da fashewar mahaifa.

Game da yi a ɓoye kuwa, Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce namiji ba ya yin azalu ga matarsa 'ya sai da izininta, saboda tana da haƙƙi a cikin ɗa. Malamai suka ce haka shi ma yana da haƙƙi, ba ta hana ciki ba da saninsa ba. Har yaye ma, a aya ta 233 cikin Baƙara, Allah ya rataya shi ga yardarsu da shawararsu su biyu. Amma a cikin wannan ayar dai aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. In amintaccen likita ya tabbatar ciki barazana ne ga ranta, aka yi wa miji bayani ya fahimta ya kafe, ni ina tare da malaman da suka ce izininsa ba ya tsayawa a gaban ranta. Sai dai ba mu kai nan ba. Mutumin nan har yau ba a gaya masa ainihin abin ba.

Ɗan Rigasa: In dai rai ne, ban ce a bar ta ta mutu ba. Amma likitocin yanzu kowa suka yi wa aiki sai su ce ya huta. Ni sai na ji daga likita mai tsoron Allah, biyu ma ba ɗaya ba. Kuma in hutun ne a yi azalu da ya zo a hadisi, ba sai an cusa mata abin Turawa a jiki ba.

Sista Mairo: Likita na biyu ba laifi, ni ma zan so haka, su je asibitin Barau Dikko da katinta su nemi ganin likitan mata. Amma azalu, yadda mutane ke yinsa a zahiri, cikin mata 100 kusan 20 suna ɗaukar ciki a shekara guda. Kwaroron roba kusan 13. Ashana ko ɗaya ba ta kaiwa ba. Ga mai lafiya da in ciki ya zo sai a yi murna, azalu ya isa. Ga mai ɗinki biyu a wata 15, ni ba zan kwana da daɗi ba.

Anti Bilki Malali: Mai tambaya, in za ki sake ɗauko zancen, kada ki kawo adadi, kada ki kawo kuɗi, kada ki ce su Mama sun ce. Ki fara da ba shi haƙuri a kan maganar ranar nan. Ki ce ina son in ƙara haifa maka, shi ya sa nake son mahaifar ta warke. Ki ba shi rana: in yaron nan ya cika shekara biyu, watan kaza, tare za mu je a cire. Namiji yana tsoron abin da ba shi da ƙarshe. Kuma ki ce ya kai wa malamin nasa takardar da kansa, kada ki kawo masa naki malamin, sai abin ya koma gasar malamai.

Shugabar zaure: Bayan kwana tara ta sake turo saƙo.

"Na gode Allah ya saka. Na roƙi Baba ya dakata. Ranar Juma'a bayan ya ci abinci na ba shi haƙuri, na ɗauko katin sallama na asibiti na ba shi, na kama hannunsa na ɗora a kan ɗinkin. Ya daɗe bai yi magana ba, sai ya ce me ya sa ban faɗa masa haka tun farko ba, shi a ranar aikin yana can yana neman jini, ba wanda ya kira shi ya yi masa bayani. Talata ya rufe shago ya raka ni. Likita ya yi masa bayani har da zane a takarda. Ya yarda da shekara biyu. Amma ya ce ba ashana ba robar mahaifa, ba ya son a bar wani abu a jikina, shi zai riƙa kiyayewa da kansa. Ya kai wa malaminsu takardar, malamin ya ce in larura ce babu laifi, amma shi bai natsu da magungunan ba. Hajiya ba mu gaya mata ba, ya ce in bar masa. Mama kuma ta yi fushi, ta ce kiyayewar namiji ba abin dogaro ba ce, har yanzu tana kan in je in sa."

Maman Walid: Mamanki ta fi ki sanin duniya.

Baban Ikram: A'a, mutumin da ko zancen ba ya tsayawa ji yau ya rufe shago ya bi ta asibiti. A ba shi lokaci, kada a ƙure shi.

Sista Mairo: Lokacin ne ba mu da shi da yawa, Baban Ikram. 'Yar'uwa, tunda ya ce zai kiyaye, ki roƙe shi ya zama da kwaroron roba kowane lokaci, ba azalu kaɗai ba. Ki ci gaba da shan maganin hawan jinin. Ki tambaye shi a hankali mene ne ainihin abin da yake tsoro a ashanar, in cewa ake tana yawo a jiki ko tana hana haihuwa, ku dawo tare in ciro ɗaya daga kwali ya riƙe a hannunsa ya gani. In kuma kika ji jiri, ko tashin zuciya, ko nono ya fara yi miki ciwo, kada ki jira ganin jini, ki je a gwada fitsari a ranar. Yaushe aka ba ku ranar komawa awo?

Mai tambaya: Sati biyu masu zuwa Sista, ranar Talata. Ya ce zai sake raka ni in kasuwa ta bari.